Dokin Kano a kan labarin Daura

Duk mai bin jaridu da shafukan labarai ya san fuskoki ukun da aka yanka wa Daura. Ko dai mahayi cikin alkyabba a kan doki mai ado, ko ƙofar ginin Rijiyar Kusugu, ko kuma fuskar marigayi Muhammadu Buhari. Labarin farashin gero ne, ko na ambaliya, ko na ɗaukar ɗalibai a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin, ɗaya cikin ukun nan za ka tarar a samansa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An gama rubutu, lokaci ya ƙure, sai a rubuta sunan garin a intanet a ɗauki hoton da ya fi ƙyalli cikin waɗanda suka fara fitowa. Sau da yawa ma dokin nan ba na Daura ba ne.

Masu koyar da aikin jarida suna cewa ana auna hoton da zai hau saman labari da abu uku: ya dace da labarin, ya faɗi gaskiya, ya ja ido. Ban ƙi ba. Inda na saɓa da yadda ake aiki da wannan magana shi ne a ɗauki ukun a matsayin maki da ake tarawa, wato hoto ya ci tara a jan ido, ya ci uku a gaskiya, jimilla sha biyu, don haka ya doke wanda ya ci biyar da biyar. A ganina ba a ba gaskiya maki. Hoton da ya faɗi a nan ya fita daga takara, komai kyansa. Waɗanda suka tsira su ake dubawa a ga wanne ne ya fi kusa da abin da kanun labarin ya ce, sannan a cikin 'yan kaɗan da suka rage a bar ido ya zaɓa. Da an juya wannan tsari, ido ya fara zaɓa, to sauran aikin ya koma neman uzuri ga hoton da zuciya ta riga ta kwanta da shi.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wakilin jarida ya je Daura a wata ranar Talata da damina, ya ziyarci Kusugu, ya rubuto labarin tafiya don shafin ƙarshen mako. Ya kawo tarihin da kowane ɗan firamare ya sani, na macijin da ake kira Sarki wanda ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya sare kansa da dare, da Sarauniya Daurama da ta aure shi. Amma zuciyar labarin nasa ita ce rijiyar ta yau: tana cikin gini, har yanzu da ruwa a cikinta, baƙo na iya zura guga ya ɗebo ya kurɓa. Kanun da aka rubuta shi ne "Rijiyar Bayajidda ba ta ƙafe ba". Edita na da hotuna shida a gabansa, wasu na wakilin, wasu na ma'ajiyar jarida, wasu an tsinto su a intanet.

Na farko shi ne wanda kowa a ɗakin ya nuna da yatsa. Mahayi ne ya saki linzami, ƙura ta tashi a bayansa, rana ta bugi rawaninsa. An tsinto shi a wani shafi da ya rubuta "Hawan Daura" a ƙasansa. Kafin a yi masa maganar kyau, akwai tambaya ɗaya da za a amsa: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? Aikin bai fi minti biyar ba. A saka hoton a Google Lens ko TinEye a ga inda ya taɓa fitowa, a nemi fitowarsa mafi daɗewa, domin a nan ne aka fi samun bayaninsa na asali kafin 'yan kwafe su sauya masa gari. In hoton ya fara bayyana shekaru da suka wuce da bayanin Hawan Daushe, magana ta ƙare. In binciken bai ba da komai ba, sai a koma cikin hoton da kansa. A bar mahayin, a dubi abin da ke bayansa: ginin da ke can nesa Ƙofar Kudu ce ta Gidan Rumfa ko ƙofar fadar Kangiwa? Akwai tagwayen masu a hannun mai sarauta? In akwai, Kano ce. Akwai allon makaranta, ko fastar ɗan siyasa, ko lambar mota? Lamba mai DRA ta Daura ce, amma wannan shaida ce mai rauni, don mota tafiya take yi. A misalinmu, a ce hoton ya tabbata na Kano ne. Ya fita. Ba wani bayanin ƙasan hoto da zai cece shi, tun da ba za a rubuta "Kano" a ƙarƙashin kanun da ke maganar Daura ba.

Za a ce ai doki doki ne, hawa hawa ne, duk ƙasar Hausa ce. Wanda ke faɗin haka bai taɓa zama da mutanen fada ba. Ɗan Daura na kallo ɗaya zai gane ba sarkinsa ba ne, ba dogaransa ba ne, kuma daga nan ya daina yarda da abin da ke rubuce a ƙasa, ko da kowace kalma a ciki daidai take. Ba mu kaɗai ke ɗaukar wannan da zafi ba. A 2015 gasar World Press Photo ta karɓe kyautar farko da ta ba wani mai hoto ɗan Italiya, Giovanni Troilo, kan jerin hotunansa na garin Charleroi a Beljiyam, bayan an gano ɗaya cikinsu a wata unguwa ta Brussels aka ɗauke shi. Ƙasa ɗaya ce, tazarar ba ta kai ta Kano zuwa Daura ba, amma ba su ɗaga masa ƙafa ba. A 2014 kuwa, lokacin gangamin neman sako 'yan matan Chibok, hotunan da suka fi yawo a duniya har da na wasu 'yan mata 'yan Gini Bisau waɗanda Ami Vitale ta ɗauka shekaru kafin abin ya faru. Niyyar masu yaɗawa mai kyau ce, amma yaran nan an liƙa musu sunan waɗanda aka sace alhali suna gidajen iyayensu.

Hoto na biyu ya fi wuyar sha'ani, kuma a kansa ne nake ganin ake yawan zamewa. Na Daura ne tsantsa, daga ma'ajiyar jarida, an ɗauke shi ranar Sallar Gani, ga dawaki ga jama'a maƙil. Babu ƙarya a cikinsa. Ƙaryar tana zuwa ne idan aka haɗa shi da labarin. Wakilin ya je ne ranar da babu hawa, ya rubuta abin da baƙo zai tarar a ranar da babu hawa. Mai karatu a Zariya ko Maraɗi ya ga dawaki a saman labarin, ya yi mota ya zo, ya tarar da 'yan acaba da masu tallar gyaɗa a ƙofar fada. Wannan shi ne abin da ɗan kasuwa mai algus yake yi, ya zuba wankakken gero a bakin buhu, tsakuwa na ƙasa. Geron da ke sama gero ne na gaske, amma ba shi ne abin da ke cikin buhun ba.

Ko da labarin na Gani ne, sai an tambayi hoton shekararsa. A nan kalandar Musulunci na taimakon edita fiye da kowace manhaja. Ana yin Gani cikin Rabi'ul Awwal, watan kuwa yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A ƙarshen 2015 Mauludi ya faɗo cikin Disamba, tsakiyar hunturu. A 2025 ya faɗo farkon Satumba, damina ba ta ɗauke ba. Saboda haka hoton Gani mai hazo, itatuwa sun yi furu-furu, yara sanye da rigunan sanyi, ba zai zama na 'yan shekarun nan ba. Haka in Sarki Muhammadu Bashar ne a ƙarƙashin laima, hoton ya girmi 2007, shekarar da ya rasu aka naɗa Alhaji Faruk Umar Faruk. Tsohon hoto ba haramun ba ne, in dai an rubuta shekararsa a ƙasa. Sai dai a tuna cewa yawancin masu karatu yanzu a waya suke haɗuwa da labari, kuma abin da Facebook da WhatsApp ke nunawa hoto ne da kanu kawai, bayanin ƙasan hoto ba ya biyo su. Hoton da ba ya zama gaskiya sai an karanta bayaninsa, wurinsa tsakiyar labari. Can za a kai hoton Gani, da shekararsa, a sakin layin da wakilin ya ce in kana son ganin hawa ga lokacin da za ka zo.

Na uku fuskar Buhari ce. Ba sai an daɗe a kansa ba: sunansa bai fito a labarin ba.

Amma bari in ɗan ratse a nan, don ranar 15 ga Yulin 2025 ta nuna yadda wannan batu yake a labarin da ke gudana. Ya rasu a Landan ranar 13 ga wata, aka sauke gawarsa a filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, Shugaba Tinubu ya tarbe ta a can, sannan aka yi tafiyar kusan kilomita 80 a mota zuwa Daura, aka yi sallah aka binne shi a gidansa. Hotunan da suka fara isowa ɗakunan labarai, kuma suka fi tsari, su ne na filin jirgi: sojoji a jere, tuta, manyan baƙi. Editan da kanunsa ya ce "An binne Buhari a Daura" kuma ya ɗora hoton filin jirgi, ya nuna wani gari ne da wata sa'a. Ko ya jira hoton Daura ya iso, ko ya sauya kanun ya ce gawa ta iso Katsina. Dacewa da ake magana ba da batun gaba ɗaya ake auna ta ba, da jimlar da ke kanun ake auna ta. Haka labarin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 kuma ya bi ta Daura: a ɗora masa hoton jirgin Abuja zuwa Kaduna yana sheƙa gudu, mai karatu ya ɗauka jirgi ya fara jigila, alhali labarin na gini ne. Hoton tulin tsakuwa da leburori ba shi da kyau kamar na jirgi, amma shi ne labarin.

Mu koma kan teburin edita. Hoto na huɗu wakilin ne ya ɗauka da hannunsa, kuma ya yi kyau ƙwarai. Yarinya ce da tulu a ka, tana murmushi a bakin rijiya, hasken yamma ya zuba a gefen fuskarta. Edita mai hankali zai ɗaga waya ya ce, "Malam, wannan wace rijiya ce?" A ce amsar ita ce wata rijiya ce a ƙauye kan hanyar Zango, ya tsaya ya roƙi yarinyar ta aza tulun ta tsaya masa, don cikin ginin Kusugu duhu ya yi yawa. Matsala biyu ke nan. A ƙarƙashin kanun da ya ambaci rijiyar Bayajidda, duk rijiyar da aka nuna ta zama Kusugu a idon mai karatu. Sannan abin da ke cikin hoton shirya shi aka yi. Akwai ta uku da ba a cika tunawa da ita ba: yarinya ce ƙarama, wa ya ba da izinin fuskarta ta shiga wayoyin dubban mutane? Mun saba ɗaukar 'yan talla da almajirai kamar ba 'ya'yan kowa ba ne, abin da ba za mu yarda a yi wa namu ba. Na huɗu ya fita.

Saura biyu, kuma dukansu sun tsallake. Na biyar gaban ginin Kusugu ne, an ɗauke shi da tsakar rana, a tsaye, babu kowa a ciki. Gaskiya ne, ya dace, amma matacce ne. Rana tana tsakar ka, bango ya yi fari fat, inuwa ta taru a ƙarƙashin ƙofa. A Daura hasken da ke yi wa gini adalci na hantsi ne kafin ƙarfe tara, ko na bayan la'asar sakaliya. Na shida cikin ginin aka ɗauke shi. Hannuwa biyu ne na wani dattijo riƙe da igiya, jijiyoyi sun tashi a bayan hannun, guga ya iso bakin rijiya, ruwa na zuba ta gefensa, hasken da ya shigo ta ƙofa ya kama ɗigon ruwan. Yana da aibi. Saboda ƙarancin haske wayar ta ɗaga ISO, hoton ya yi ɗan tsaki-tsaki, gefe ɗaya kuma ya nutse cikin duhu.

Na shida nake zaɓa, kuma ba don tausayi ba. Kanun ya ce rijiya ba ta ƙafe ba. Hoto na biyar ya nuna akwai gini. Na shida ya nuna akwai ruwa, wato shi kaɗai ne cikin shidan ya kawo shaidar abin da kanun ya yi iƙirari. Jan idon da yake da shi daga labarin ya fito, ba aro aka yi daga wani biki ba. Wanda ya sha jin tatsuniyar maciji tun yana yaro zai tsaya, don bai taɓa zaton zai ga ruwan rijiyar da idonsa ba. Gani ya kori ji.

Sai dai ba a gama ba, don hoto na iya cin zaɓe a babban allon edita ya faɗi a wayar mai karatu. Gwajin da ya fi kowane sauƙi shi ne a ƙanƙanta shi ya koma kamar girman akwatin ashana, a nuna wa wanda bai karanta labarin ba na daƙiƙa biyu, a tambaye shi me ya gani. In ya ce guga da ruwa, an dace. In ya ce wani abu mai duhu, a sake tunani. Hotunan taron jama'a a nan suke mutuwa, mutum dubu su koma ɗige-ɗige. Sannan a duba yanka. Shafukan labarai galibi 16:9 suke so, Facebook kuma yana yanka hoton mahaɗin labari zuwa kusan 1200 da 630. Hoton da aka ɗauka a tsaye, kamar na biyar, in aka tilasta shi cikin wannan faɗi sai ya rasa sama da ƙasa, a bar ka da tsakiyar bango. Na shida a kwance yake, gugan na kusa da tsakiya, kowace yanka ta zo zai tsira. A jaridar takarda kuma akwai wata damuwa: takardar tana shan tawada, duhu yana ƙara duhu, don haka sai an ɗan buɗe hasken hoton kafin a kai shi maɗaba'a.

Ina iyakar wannan gyara? Ƙara haske, daidaita launi ya koma yadda ido ya gani a wurin, yanke gefen da babu komai, duk aikin yau da kullum ne. Goge robar ruwa da ke yashe a gefen rijiya don hoton ya yi kama da na zamanin Daurama, wannan ya tsallake iyaka. Haka yanke bangon ginin da gangan don a ɗauka rijiyar a fili take. Mujallar National Geographic ta koyi wannan da tsada. A bangonta na Fabrairun 1982 ta matso da dalolin Giza kusa da juna don hoton da aka ɗauka a kwance ya shiga bango mai tsaye. Ɗan motsi ne kaɗan, amma shekara arba'in da wani abu ke nan ana kafa misali da ita a azuzuwan aikin jarida. Don kauce wa irin wannan, edita ya nemi asalin fayil ɗin hoto daga wakili. A cikinsa akwai bayanan EXIF da ke nuna ranar ɗauka da sa'a da irin wayar, wani lokaci har da wurin. In aka turo hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ta share waɗannan bayanai. In aka turo shi a matsayin Document, yana isowa yadda yake. Bayanan nan ana iya sauya su, kuma agogon kyamara na iya zama ba daidai ba, saboda haka ba su isa hujja su kaɗai ba, sai an haɗa da abin da ido ya gani a hoton da abin da wakili ya faɗa.

Na san abin da abokaina editoci za su ce, kuma suna da hujja. Hoton doki ya fi kawo masu latsawa, masu talla kuma adadin latsawa suke kallo. Ba kowace jarida ke da mai hoto a Katsina ba, balle Daura. Wani lokaci cikin hotuna shidan babu irin na shida, duk abin da ya tsallake irin na biyar ne. A irin wannan rana ni dai matacce zan ɗora, in gyara kanun ya ɗauki nauyin jan hankalin. Amma yawanci ba a kai ga haka ba sai don ba a yi tunanin hoto ba tun kafin wakili ya hau mota. Da an ce masa, "Labarinka na ruwa ne, kada ka dawo ba hoton ruwa, ka ɗauka a kwance, ka ɗauka da yawa, ka tambayi mai hannun ko ya yarda," da an huta. In kuma wakilin ya riga ya dawo, Daura cike take da samari masu ɗaukar hoton biki da suna, masu kyamarorin da suka fi na wasu ɗakunan labarai. A kira ɗaya a yi ciniki, a ce masa gobe da hantsi, a biya shi, a rubuta sunansa a ƙasan hoton. Shi ya san lokacin da masu kula da rijiyar ke buɗe ƙofa, ya san wanda zai gaisar kafin ya ɗaga kyamara, kuma kafin azahar fayil ɗin ya iso.